Tambayoyi da Amsoshi kan Ma'ajiyar Wucin Gadi, Buƙata Mai Sharaɗi da Firoksi a Yanar Gizo

Mene ne ainihin abin da ke jawo jinkiri idan aka buɗe shafi, har ake neman rage shi?

Abubuwa uku ne ke cin lokaci, kuma kowannensu da irin maganinsa. Na farko shi ne nisa. Haske yana tafiya a cikin wayar gilashi da gudun kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka idan sabar tana nesa da mai karatu da kilomita 5,000, zuwa da dawowar saƙo ba zai kasa milisakan 50 ba, komai kyawun hanyar, kuma a zahiri yakan wuce haka domin wayoyin ba a miƙe suke ba. Na biyu shi ne girman abin da ake aikowa, wanda lokacin saukarsa ya dogara ga faɗin layin mai karatu. Na uku shi ne aikin da sabar ke yi kafin ta amsa, kamar tambayar rumbun bayanai da harhaɗa shafin.

Nisan ya fi sauran ban haushi saboda ba sau ɗaya ake biyan kuɗinsa ba. Kafin a aika buƙatar farko ta sabuwar hanya, sai an yi zagaye ɗaya domin ƙulla TCP, an ƙara wani domin ƙulla tsaron TLS 1.3, sannan buƙatar kanta ta je ta dawo da amsa. Idan kowane zagaye yana cin milisakan 80, an kashe milisakan 240 ke nan kafin harafin farko na shafin ya iso. Ƙara faɗin layi ba ya rage wannan lissafi ko kaɗan. Abin da ke rage shi shi ne a matso da amsar kusa, ko kuma a yi dabarar da ba sai an yi tafiyar ba ma.

To mece ce ma'ajiyar wucin gadi, kuma a ina take zama?

Ma'ajiyar wucin gadi, wadda masu aikin ke kira kash, wuri ne da ake ajiye kwafin amsar da aka riga aka karɓa, domin idan an sake neman abu ɗaya a miƙa kwafin maimakon a koma tushe. Iri biyu ce. Akwai ta mutum ɗaya, wadda ke cikin burauzar mai karatu, tana ajiye hotuna da fayiloli a kan wayarsa ko kwamfutarsa, kuma shi kaɗai take yi wa hidima. Akwai kuma ta tarayya, wadda ke zaune a kan firoksi, wato na'urar da ke shiga tsakanin masu karatu da sabar asali, inda kwafin da aka ɗauko wa mutum ɗaya zai iya wadatar da dubban mutane. Ƙa'idojin da ke tafiyar da duka biyun suna cikin RFC 9111, wadda ta fito a shekarar 2022, kodayake yawancin dokokin sun faro ne tun daga HTTP/1.1 a 1997.

Yaya ma'ajiya take sanin cewa kwafin da ke hannunta yana da amfani har yanzu?

Sabar ce ke gaya mata, ta hanyar kanun da take ɗorawa a saman kowace amsa. A ɗauka shafin wata jarida yana amfani da fayil ɗin da ke tsara kamanninsa, mai girman kilobait 120. Da burauza ta neme shi a karon farko, amsar za ta iya zuwa kamar haka:

```
HTTP/1.1 200 OK
Cache-Control: max-age=600
ETag: "a7f3c9"
Last-Modified: Tue, 04 Mar 2025 09:15:00 GMT
Content-Length: 122880
```

Layin `max-age=600` izini ne cewa a riƙa amfani da wannan kwafi har tsawon daƙiƙa 600, wato minti goma, ba tare da an tuntuɓi kowa ba. Muddin wa'adin bai cika ba, burauza ba za ta aika ko da harafi ɗaya ta hanyar sadarwa ba, sai dai ta ɗauko fayil ɗin daga ma'ajiyarta. Wannan ita ce riba mafi girma da ake iya samu, domin nisa da girman fayil da aikin sabar duk sun kau a lokaci guda.

Akwai wani ƙaramin lissafi da ake yawan mantawa. Wa'adin yana fara ƙirga ne daga lokacin da sabar asali ta fitar da amsar. Idan fayil ɗin ya biyo ta firoksi inda ya riga ya shafe minti bakwai a ajiye, firoksin zai ƙara layin `Age: 420`, sai burauza ta debe 420 daga 600, ta san saura daƙiƙa 180 kacal ya rage mata. Ba don haka ba, da kowace ma'ajiya a hanya za ta sake fara ƙidayar daga farko, abin da aka ba minti goma ya wayi gari yana yawo na tsawon sa'a guda.

Idan wa'adin ya cika, sai a jefar da kwafin a sake saukar da sabo?

A'a, kuma a nan ne buƙata mai sharaɗi take shigowa. Cikar wa'adi ba ta nuna cewa fayil ɗin ya sauya, abin da take nufi kawai shi ne izinin amfani da shi ba tare da tambaya ba ya ƙare. Saboda haka burauza tana sake neman fayil ɗin, amma ta gindaya sharaɗi: a aiko mini da shi kawai idan ya bambanta da wanda nake riƙe da shi.

```
GET /style.css HTTP/1.1
Host: example.com
If-None-Match: "a7f3c9"
```

Sabar za ta gwada wannan alama, wato `ETag` ɗin da ta bayar a karon farko, da ta fayil ɗin da ke wurinta a yanzu. Idan sun bambanta, sai ta aiko da sabon fayil baki ɗaya tare da lambar 200 da sabuwar alama. Idan kuwa iri ɗaya ne, amsarta ba ta wuce 'yan layuka ba:

```
HTTP/1.1 304 Not Modified
Cache-Control: max-age=600
ETag: "a7f3c9"
```

Amsar 304 ba ta ɗauke da jikin fayil ko kaɗan. Burauza tana sabunta kanun da ke manne da tsohon kwafin, ta ƙara masa wasu minti goma, ta ci gaba da amfani da shi.

Ke nan amsar 304 daidai take da ɗauko kwafi kai tsaye daga ma'ajiya?

Ba daidai suke ba, kuma rashin fahimtar wannan bambanci ya sa shafuka da dama suna da nauyi alhali masu su na ganin sun gama gyara. A koma kan fayil ɗin nan mai kilobait 120. A ce layin mai karatu yana saukar da megabait ɗaya a daƙiƙa, zagaye ɗaya kuma milisakan 80 ne, sannan hanyar a ƙulle take tun da farko. Saukarwa ta farko za ta ci kimanin milisakan 200, wato 80 na zuwa da dawowa da kuma 120 na kwararowar fayil ɗin. Buƙata mai sharaɗi da ta dawo da 304 za ta ci 80, domin an tsira daga saukarwa amma tafiyar na nan daram. Kwafin da wa'adinsa bai cika ba kuwa kusan ba ya cin komai.

Idan fayil ɗin ƙarami ne, kamar tambarin da bai wuce kilobait biyu ba, ribar 304 ta fuskar lokaci ba ta taka kara ta karya ba, saboda dama can tafiyar ce ke cinye lokacin. Shi ya sa ganin jerin 304 a allon bincike na burauza ba abin murna ba ne kai tsaye. Yana nuna ana rage bayanan da ake saukarwa, wanda abu ne mai kyau ga mai sayen data, amma yana kuma nuna ana ta tambaya kan abubuwan da mai yiwuwa ba sa buƙatar tambaya.

Ta ɓangaren sabar ma akwai abin lura. Idan fayil ne da ke ajiye, gano alamarsa ba ya cin komai. Amma wasu manhajoji sai sun gina shafin gaba ɗaya, sun tambayi rumbun bayanai, sannan su lissafa `ETag` daga abin da ya fito. A irin wannan tsari, 304 ta rage abin da ke bin waya, amma sabar ta yi cikakken aikinta kamar yadda ta saba. Wanda ke son rage nauyin na gaskiya sai ya samo alamar daga abu mai arha, kamar lambar sigar labarin ko lokacin gyaransa na ƙarshe, ya duba sharaɗin tun kafin a fara gina shafin.

Mene ne bambancin `ETag` da `Last-Modified`, kuma wanne ya fi?

`Last-Modified` shi ne tsohon, yana nan tun HTTP/1.0, kuma abokin tafiyarsa shi ne `If-Modified-Since`, wanda ke cewa a aiko da abu idan ya sauya bayan lokaci kaza. Rauninsa shi ne daƙiƙa ce mafi ƙanƙantar ma'auninsa, don haka abin da ya sauya sau biyu a cikin daƙiƙa ɗaya zai iya wucewa ba a gane ba. Haka kuma idan aka sake kwafe fayil zuwa sabar ba tare da an taɓa abin da ke cikinsa ba, lokacinsa zai iya sauyawa, kowa ya sake saukar da shi a banza. `ETag` kuwa alama ce da sabar ke zaɓa yadda ta ga dama, ma'ajiya ba ta fassara ta, gwadawa kawai ake yi. Idan buƙata ta zo da sharuɗɗan biyu, `If-None-Match` ne ke rinjaye. Alamar da ta fara da `W/` mai rauni ce, tana nufin kwafin biyu ma'anarsu ɗaya ko da ba su dace bait da bait ba.

`ETag` ya fi daidaito, amma yana da tarkonsa. Idan shafi yana da sabobi uku a bayan na'urar raba aiki, kuma kowace tana ƙirƙiro alamarta daga wani abu da ya keɓanta da ita, fayil ɗaya zai samu alamomi uku. Tsofaffin sigogin manhajar sabar Apache sun yi suna a wannan matsala, domin suna cusa lambar da faifai ya bai wa fayil a cikin alamar. Mai karatu ya karɓi alama daga sabar farko, tambayarsa ta faɗa hannun ta biyu, sai a ce masa abin ya sauya. Yadda ake ganewa shi ne a nemi adireshi ɗaya sau da yawa a jere, a duba ko alamar tana sauyawa alhali ba wanda ya taɓa fayil ɗin.

Shin buƙata mai sharaɗi tana da wani amfani ban da karatu?

Tana da shi. Idan editoci biyu suka buɗe labari ɗaya suna gyarawa, wanda ya adana daga baya zai iya shafe aikin na farko ba tare da ya sani ba. Idan manhajar ta aika gyaran tare da `If-Match` ɗauke da alamar da editan ya gani lokacin da ya buɗe labarin, sabar za ta ƙi karɓa da lambar 412 muddin alamar ta sauya. Haka nan `If-Range` yana ba da damar ci gaba da saukar da babban fayil daga inda ya katse, bisa sharaɗin cewa fayil ɗin bai sauya ba a tsakani.

Me firoksi yake ƙarawa, tunda burauza tana da tata ma'ajiyar?

Ma'ajiyar burauza tana taimakon mutum ne a ziyararsa ta biyu. Wanda ya zo karon farko hannunsa wayam yake, kuma idan mutum dubu suka zo karon farko, sabar asali za ta amsa sau dubu. Firoksi mai ma'ajiya yana karɓar buƙatar a madadin sabar, ya ɗauko amsar sau ɗaya, ya riƙa raba kwafinta ga duk wanda ya zo daga baya.

Inda aka ajiye shi ne ke bambanta nau'o'insa. Firoksin gaba yana ɓangaren masu karatu, kamar wanda jami'a ko kamfani ke sanyawa a ƙofar fitar hanyar sadarwarsu, kuma manhajar Squid, wadda ta fito a 1996, ta daɗe tana wannan aiki. Firoksin baya kuwa na mai shafin ne, yana tsaye a gaban sabar asali, kuma a nan ake yawan ganin manhajojin nginx da Varnish. Abin da ake kira CDN ba wani abu ba ne illa tarin firoksin baya da aka warwatsa a birane da yawa, ta yadda kowane mai karatu zai dace da wanda ya fi kusa da shi.

Ribar kusanci ta wuce batun kwafi kaɗai. Idan zagaye zuwa firoksi milisakan 10 ne a maimakon 80, zagaye ukun nan na buɗe sabuwar hanya za su koma milisakan 30 daga 240. Ko da abin da aka nema ba ya cikin ma'ajiya, firoksin yakan riƙe hanya a buɗe tsakaninsa da sabar asali, don haka doguwar tafiya ɗaya ce kawai za a yi a maimakon uku. Buƙata mai sharaɗi ma tana amfana, domin firoksin da ke riƙe da kwafi mai sauran wa'adi zai iya amsa wa burauza da 304 da kansa, ba tare da sabar asali ta ji labari ba.

Nawa ne nauyin da ake iya saukewa daga kan sabar asali?

Ma'aunin shi ne kason buƙatun da ma'ajiya ta amsa da kanta, amma an fi gane shi idan aka dubi ragowar da ke wucewa. A ce shafi yana karɓar buƙata 1,000 a daƙiƙa. Idan ma'ajiya ta tare kashi 90 cikin 100, sabar asali za ta ga 100. Idan ta tare kashi 99, za ta ga 10 kacal. Tazarar 90 da 99 ƙarama ce a ido, amma nauyin ya ragu ninki goma. Ta ɗaya gefen kuma, sabar da ta saba da kashi 99, idan wani kuskure ya sauko da shi zuwa 90, aikinta ya ninka sau goma a take, kuma irin wannan ne ke durƙusar da shafuka ba tare da masu karatu sun ƙaru ba.

Mutane da yawa suna ganin shafin da ke sauyawa kullum, kamar shafin farko na jarida, ba ya ajiyuwa. A gaskiya gajeren wa'adi ma yana aiki sosai idan cunkoso ya yi yawa. Idan aka ba shafin daƙiƙa biyar kacal a firoksi, buƙatu 5,000 da suka zo cikin wannan lokaci za su zama buƙata ɗaya ga sabar asali, kuma da wuya a samu mai karatun da zai lura cewa labarin ya makara da daƙiƙa biyar. Ana iya bai wa firoksi nasa wa'adin daban da na burauza ta amfani da `s-maxage`, wanda ma'ajiyar tarayya kaɗai ke kulawa da shi:

```
Cache-Control: max-age=0, s-maxage=5
```

Me ke faruwa a daidai lokacin da wa'adin shafi mai farin jini ya cika?

Wannan lokaci ne mai haɗari. Idan gina shafin yana cin daƙiƙa biyu, to a cikin daƙiƙa biyun da firoksi ke jiran sabon kwafi, buƙatu 2,000 za su iso su tarar babu abin ba su. Firoksin da bai iya aiki ba zai tura su duka zuwa sabar asali, ita kuma ta ƙara nauyi, ginin ya ƙara daɗewa, wasu buƙatun su ƙara taruwa. Maganin farko shi ne haɗe buƙatu: firoksi ya tura ɗaya tak, sauran su jira amsarta. Varnish yana yin haka da kansa, a nginx kuwa sai an kunna `proxy_cache_lock`.

Magani na biyu ya fi kyau ga mai karatu, domin ba wanda zai jira. RFC 5861 ta shekarar 2010 ta kawo umarni biyu:

```
Cache-Control: max-age=60, stale-while-revalidate=30, stale-if-error=86400
```

`stale-while-revalidate` yana cewa bayan cikar daƙiƙa 60, har zuwa wasu 30, a miƙa tsohon kwafin nan take, a kuma nemo sabo a bayan fage. `stale-if-error` kuma yana cewa idan sabar asali ta faɗi ko tana mayar da kuskure, a ci gaba da ba da tsohon kwafin har tsawon kwana ɗaya. Ga jarida ko shafin bayani, labarin ɗazu ya fi shafin kuskure nesa ba kusa ba. Ga abin da tsufansa ke cutarwa, kamar ragowar kuɗin asusu, bai dace ba sam, kuma `must-revalidate` shi ne umarnin da ke haramta miƙa kwafi bayan cikar wa'adinsa ba tare da tantancewa ba.

`no-cache` da `no-store` abu ɗaya suke nufi?

Sun sha bamban. `no-cache` yana barin a ajiye kwafi, amma dole a tantance shi wurin sabar kafin kowane amfani, wato kullum za a yi buƙata mai sharaɗi. `no-store` ne ke hana ajiyewa kwata-kwata. Wanda ya sa `no-cache` a kan takardar sirri yana zaton ya hana ajiye ta, ya bar ta ne a kan faifai. Wanda kuma ya sa `no-store` a ko'ina saboda tsoron tsohon kwafi, ya yi asarar 304 ba gaira ba dalili.

Idan sabar ba ta faɗi komai game da wa'adi ba fa?

Shirun sabar ba ya hana ajiyewa. Ƙa'ida ta yarje wa ma'ajiya ta yi kirdado, kuma abin da aka saba shi ne a ɗauki kashi goma cikin ɗari na tsawon lokacin da fayil ya yi bai sauya ba. Fayil ɗin da aka gyara kwana 100 da suka wuce zai iya samun wa'adin kwana goma. Daga nan ne ake samun ƙorafin nan na cewa an gyara shafi amma wasu suna ganin tsoho, wasu sabo, ba tare da wani tsari ba. Ya fi dacewa kowace amsa ta fito da `Cache-Control` ƙarara.

An ba fayil dogon wa'adi, sai ga buƙatar sauya shi. Yaya ake janye kwafin da ya riga ya bazu?

Daga firoksin da ke ƙarƙashin ikon mai shafi ana iya goge shi, kuma masu CDN suna ba da hanyar yin haka. Daga burauzar mutane kuwa babu tabbatacciyar hanya, domin burauzar da ke riƙe da kwafi mai sauran wa'adi ba ta da dalilin tuntuɓar sabar, balle a gaya mata wani abu. Izinin da aka bayar ya tafi ke nan.

Mafitar da ta fi inganci ita ce a daina sauya abin da ke ƙarƙashin adireshi ɗaya. Ana cusa wata alama da aka lissafa daga abin da ke cikin fayil a cikin sunansa, ya zama `style.a7f3c9.css`, sannan a ba shi wa'adin shekara guda:

```
Cache-Control: public, max-age=31536000, immutable
```

Idan an gyara fayil ɗin, sunansa zai sauya, ya zama sabon adireshi da babu ma'ajiyar da ta taɓa gani. Shafin HTML da ke nuni zuwa gare shi kuwa ana ba shi `no-cache` ko gajeren wa'adi, domin shi ne ke ɗauke da sabon sunan. A misalinmu na jarida, mai karatun da ya dawo zai yi tambaya ɗaya tak kan shafin kansa, sauran fayilolin kuwa su fito daga ma'ajiyarsa ba tare da tafiya ba. Abin kiyayewa shi ne kada a goge tsofaffin fayilolin da zarar an fitar da sabbi, saboda akwai masu riƙe da tsohon shafi da zai ci gaba da neman tsohon suna na ɗan lokaci.

Akwai haɗarin a miƙa wa mutum shafin da aka gina wa wani?

Akwai, kuma shi ne kuskure mafi muni a wannan fanni. Ma'ajiya tana gane kwafi ne da nau'in buƙata, kamar `GET`, da kuma adireshinta. Idan adireshin `/account` yana nuna wa kowa bayanansa gwargwadon kukin da ya zo da shi, wato ɗan bayanin da burauza ke aikawa domin sabar ta gane mutum, kuma aka bar firoksi ya ajiye amsar, wanda ya zo na biyu zai ga suna da bayanan na farko. Irin wannan amsa dole ta ɗauki `private`, wanda ke hana ma'ajiyar tarayya ajiye ta, ko `no-store` idan sirrin ya kai haka. Ƙa'ida ta hana ma'ajiyar tarayya sake amfani da amsar buƙatar da ta zo da `Authorization` sai da izini na musamman, amma ba ta yi wa kuki wannan tanadi ba, hasali ma kasancewar `Set-Cookie` a cikin amsa ba ya hana ajiye ta. Wasu manhajoji suna ƙin ajiyewa don kandagarki, sai dai bai kamata a dogara ga hakan ba.

Idan adireshi ɗaya yana da amsoshi daban-daban bisa ɗaya daga cikin kanun buƙata, `Vary` ne ke sanar da ma'ajiya. `Vary: Accept-Encoding` yana sa a ajiye matsattsen kwafi daban da wanda ba a matse ba, kuma wannan ba ya da illa tunda nau'o'in kaɗan ne. Amma `Vary: User-Agent` ko `Vary: Cookie` yana farfasa ma'ajiyar zuwa dubban kwafi da kusan babu mai sake nema, kason abin da ake tarewa ya faɗi warwas.

Tun da yawancin shafuka sun koma HTTPS, firoksi yana iya ganin abin da zai ajiye?

Firoksin gaba ba ya gani. Burauza tana neman ya buɗe mata hanya da umarnin `CONNECT`, daga nan sai rufaffen bayani ya riƙa wucewa ta cikinsa, bai san adireshin fayil ba balle kanunsa. Wannan ne ya rage amfanin ma'ajiyar da cibiyoyi ke sanyawa a ƙofarsu. Firoksin baya kuwa yana riƙe da takardar shaidar shafin da yardar mai shi, a wurinsa ake warware rufin, don haka yana ganin komai. Hakan na nufin duk wanda ya ɗora shafinsa a kan CDN ya ba kamfanin amanar bayanan masu karatunsa, kuma ya kamata ya yi hakan da saninsa.

Yaya zan bincika ko tsarin yana aiki a shafina?

A fara da duba kanun amsa kai tsaye:

```
curl -s -D - -o /dev/null https://example.com/style.css
```

A maimaita umarnin bayan 'yan daƙiƙu. Idan `Age` yana ƙaruwa, amsar daga ma'ajiyar tarayya take fitowa. Idan babu shi ko kullum sifiri ne, akwai yiwuwar kowace buƙata tana kaiwa ga tushe. Firoksi da yawa suna ƙara nasu layin, kamar `X-Cache` ko `Cache-Status`, mai nuna ko an samu kwafin a ajiye. Daga nan sai a kwafi alamar da ta fito a gwada sharaɗin:

```
curl -s -D - -o /dev/null -H 'If-None-Match: "a7f3c9"' https://example.com/style.css
```

Idan aka samu 200 maimakon 304 alhali fayil bai sauya ba, ko dai sabar ba ta duba sharaɗin, ko alamar tana sauyawa tsakanin sabobi, ko kuma wani mataki na matse fayil a hanya ya taɓa ta. Idan kuma firoksi yana ta cewa bai samu kwafi ba, a duba abubuwa uku: ko amsar tana ɗauke da `Set-Cookie` ko `private` ba da niyya ba, ko `Vary` ya yi faɗi, ko kuma adireshin yana zuwa da wutsiyar bin diddigin talla irin su `utm_source`, wadda ke sa shafi ɗaya ya zama adireshi ɗari a idon ma'ajiya. Na ƙarshen ana gyara shi ne ta hanyar umartar firoksi ya cire waɗannan wutsiyoyi kafin ya nemi kwafi.

A allon bincike na burauza ma ana iya ganin wane fayil ne ya fito daga ma'ajiya, wanne ya dawo da 304, wanne aka sake saukarwa. Sai dai a tabbata ba a kunna zaɓin `Disable cache` ba, kuma a shiga shafin ta hanyar latsa mahaɗi kamar yadda mai karatu zai yi, domin sake loda shafi yana tilasta tantancewar da ba ta faruwa a ziyara ta yau da kullum.